Na rubuta wasiyyata da hannuna a Ingila, ku duba min kafin in adana

Abu Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata goma sha ɗaya a Birmingham. Tun rasuwar wani abokin aikinmu a watan jiya hankalina bai kwanta ba, sai na zauna na rubuta wasiyya, shafi ɗaya, da Turanci. Ga abin da ke ciki. A yi min jana'iza bisa sunna. Ƙanina da ke Kano shi ne wasiyyina. A ba makarantar Islamiyyar unguwarmu ta gida fam 5,000. A ba ɗan marigayi yayana, wanda nake biya wa makaranta, fam 7,000. Motata kuma a ba aminina da muke sallah a masallaci ɗaya. Shi aminin nawa ya sa hannu a matsayin shaida ranar Juma'a bayan an idar da sallah, maiɗakina ta sa nata da daddare a gida. Ina da mata ɗaya, 'ya'ya uku, maza biyu da mace, mahaifiyata tana raye a Kano, mahaifina ya rasu. Akwai abin da na manta?

Baban Ummi: Wa alaikumussalam. Haba Abu Hanan, ka jefa mu cikin fargaba da sassafe. Lafiya dai ko? Allah ya ba mu tsawon rai mai albarka.

Abu Hanan: Lafiya lau wallahi, ko mura ba na yi. Rubuta wasiyya ba ya kawo ajali.

Malam Sani Zariya: Madalla da wannan aiki. Ta fuskar shari'a ban ga matsala ba. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Ɗan yayanka ba magajinka ba ne tunda kana da 'ya'ya maza, amininka ma haka, makaranta ma haka. In dai jimillar ba ta haura sulusi ba, shi ke nan. Sauran kuwa ba sai ka rubuta ba, gado ne, Allah ya riga ya raba shi a Suratun Nisa'i.

Barista Hadiza: Malam, Allah ya ƙara ilimi, duk abin da kuka faɗa kan sulusi haka yake. Amma wannan jimlar taku ta ƙarshe, a Ingila ita ce ramin da mutanenmu suka fi faɗawa. Abu Hanan, kafin in yi bayani faɗa min: gidan da kuke ciki naka ne ko haya? In naka ne, sunan wa ke kan takardar, kai kaɗai ko kai da madam? Ka kuma kimanta min abin da ka mallaka a nan.

Abu Hanan: Na saya, sunana kaɗai. Zai kai fam 210,000, saura bashin banki 60,000. Ajiya kamar 34,000. Motar 6,000. Sai fili ɗaya a Kano.

Barista Hadiza: To. Ajiye filin Kano tukuna. A gida in mutum ya ce wasiyya, abin da yake nufi shi ne 'yar kyautar da ya ware daga sulusi, sauran kuma alƙali ko malamai su raba wa magada. Wannan tunanin ne ya rubuta takardarka, kuma a Kano daidai ne. A nan kuwa babu alƙalin da zai raba maka gado bisa shari'a. Duk abin da takardarka ba ta faɗi inda za shi ba, dokar ƙasa ta waɗanda suka mutu ba wasiyya ce za ta raba shi.

Mu yi lissafi da kuɗinka. Gida bayan an cire bashin banki, 150,000. Haɗa da ajiya, 184,000. A cire a ce 4,000 na jana'iza da ƙananan basussuka, saura 180,000. A cire kyaututtukan kuɗi biyu, 12,000, saura 168,000. Wannan 168,000 ɗin shi ake kira ragowa, kuma takardarka ba ta ce komai a kansa ba. Dokar Ingila da Wales ta ce in mutum ya bar mata da 'ya'ya, matar za ta ɗauki kayan amfaninsa na yau da kullum, ta ɗauki fam 322,000 na farko, sai abin da ya haura haka a raba biyu, rabi nata rabi na 'ya'ya. Naka bai kai ko kusa ba. Ke nan madam za ta kwashe duka. Yara ba su da ko sisi da sunansu, Hajiya mahaifiyarka ba ta cikin lissafin kwata-kwata.

Abu Hanan: Innalillahi. Duka?

Barista Hadiza: Duka. Shi ya sa a wurinmu lauyoyi sakin layin ragowa shi ne zuciyar wasiyya. Jerin kyaututtukan da mutane ke ɓata dare suna tsarawa, yawanci ɗan ƙaramin yanki ne. Sakin layin ragowa kuwa cewa yake yi: duk abin da ya rage na dukiyata, kowane iri ne, bayan an biya bashi da kuɗin jana'iza da haraji an kuma fitar da kyaututtukan da na ambata, a ba su wane da wane, kaso kaza da kaza. Shi ke kama abin da ka manta da shi, da abin da za ka samu nan da shekara goma, da duk kyautar da ta faɗi saboda wani dalili. Ga Musulmi a ƙasar nan, nan ne kaɗai gurbin da zai iya zuba rabon gado na shari'a har kotu ta yi aiki da shi.

Malam Sani Zariya: Barista, na fahimta. Amma ina da tambaya ta addini. In ya rubuta a ba matarsa kaza, a ba ɗansa kaza, a cikin takarda mai suna wasiyya, ba mu faɗa cikin yi wa magaji wasiyya ba?

Barista Hadiza: Ku ne malamai, amma yadda na ji malaman nan suna bayani, sunan takardar ne kawai wasiyya. Bai ƙara wa kowa a kan haƙƙinsa ba, rabon da Allah ya yanka ne yake rubutawa a sigar da hukumar nan za ta zartar.

Malam Sani Zariya: In haka ne babu laifi, abin da aka hana shi ne fifita wani magaji da ƙari ba da yardar sauran ba. Bari in raba muku 168,000 ɗin ku gani. Akwai tumuni akwai sudusi, asalin mas'alar 24 ke nan, kowane kaso fam 7,000. Mata tana da tumuni, kaso uku, 21,000. Uwa sudusi, kaso huɗu, 28,000. Saura kaso sha bakwai, 119,000, na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. A raba biyar, 23,800. 'Yar ta ɗauki 23,800, kowane ɗa namiji 47,600. Ƙaninka ba ya gado, 'ya'yanka maza sun kare shi. Wasiyyarka kuwa har da mota 18,000 ce, sulusin 186,000 kuma 62,000 ne, kana da sauran fili sosai.

Abu Hanan: Na gode Malam. To in kwafe waɗannan alƙaluman in saka?

Barista Hadiza: A'a, kar ka saka adadin kuɗi a ragowa. Yau 168,000 ne, ranar da za a buɗe takardar Allah kaɗai ya san nawa zai zama. Da kaso ake rubutawa. Kuma kason ma yana motsi: in aka ƙara haihuwa, ko Hajiya ta riga ka, lissafin Malam ya canza. Wasu lauyoyi suna rubuta kason a fili kamar yadda iyalin suke yau, su ce ka dawo a sabunta duk lokacin da wani abu ya sauya. Wasu suna cewa amintattu, wato waɗanda aka damƙa wa riƙon dukiyar, su raba bisa hukuncin gado na mazhabar Malikiyya, su kuma ambaci wanda zai tantance rabon a rubuce in lokacin ya yi. Abin da ba na so shi ne a rubuta "a raba bisa shari'a" kawai a yi shiru. Wace mazhaba? Wa zai faɗa? Alƙalin nan ba zai buɗe littafin fiƙihu ba, kuma kalma mai harshen damo ita ce abincin masu ƙara.

Baban Ummi: Ni fa abin da ban gane ba, me ya sa ba zai ba madam takardar wakilci ba kawai, irin wadda ake ba mutum ya riƙa sa maka hannu a banki? Na yi wa ƙanina irinta yana kula min da shago a Kantin Kwari, ba mu taɓa samun matsala ba.

Barista Kabiru Kaduna: Baban Ummi, wannan ta rayayye ce. Ranar da mai bayarwa ya cika, ita ma ta mutu. Wanda ya ci gaba da cire kuɗi da ita bayan rasuwa ya sa kansa cikin rigima.

Barista Hadiza: Haka yake a nan ma. Yanzu maganar shaidu, wadda ita ce ta fi gaggawa, don yadda ka bayyana, takardar da ke hannunka ba wasiyya ba ce tukuna. Dokar wasiyya ta 1837, sashe na 9, tana so ka sa hannu, ko ka tabbatar da cewa sa hannun naka ne, a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci guda. Sannan kowannensu ya sa hannu kana kallo. Kai kuwa ɗaya ya shaida a masallaci da rana, ɗaya a falo da daddare. Ba su taɓa haɗuwa a kan takardar ba. Wannan kaɗai ya rushe ta gaba ɗaya, har kyautar Islamiyya da ta ɗan yayanka da naɗin ƙaninka.

Ko da a ce sun haɗu, akwai sashe na 15. Wanda ya yi shaida, ko mijin mai shaidar ko matarsa, ba ya cin komai daga wasiyyar. Wasiyyar tana nan daram, rabonsa ne ke faɗuwa. Amininka ya yi shaida, mota ta tafi. In kuma ka gyara ka saka sakin layin ragowa, ka sake kiran madam ta yi shaida, tumuninta ya tafi.

Maman Iman: Ikon Allah. Mu a tunaninmu ai wanda za a ba abu shi ya fi dacewa ya shaida, don ya san da maganar.

Barista Hadiza: Dokar ta ɗauke shi akasin haka, mai amfana shi ne ake tsoron ya matsa wa mai wasiyya. Nemi baligai biyu masu hankali, masu gani, waɗanda ba su da ko allura a ciki, su da matansu ko mazansu. Maƙwabci, abokin aiki. Ba sai sun karanta abin da ke ciki ba, sa hannunka suke shaida. Ku zauna teburi ɗaya, kowa ya rubuta cikakken suna da adireshi, kar wanda ya tashi ɗauko shayi sai an gama. A saman sa hannun shaidu a rubuta layin da ke cewa ka sa hannu a gabansu su biyu suna tare, su ma sun sa a gabanka. In babu wannan layin, ofishin kotu kan nemi a nemo ɗaya daga cikin shaidun ya yi rantsuwa, bayan shekara ashirin kuwa ina za a gan shi? Don haka ma nake cewa a zaɓi waɗanda suka fi ka ƙuruciya.

Danladi Wusasa: Barista, ni a Glasgow nake, kuma shaida ɗaya aka ce in kawo lokacin da na yi tawa. Ko an cuce ni?

Barista Hadiza: Ba a cuce ka ba Danladi, Scotland dokarta daban, shaida ɗaya ya isa a can. Duk maganata kan Ingila da Wales ce.

Malam Sani Zariya: Dole shaidun su zama Musulmi maza adilai ko? Don ayar Ma'ida ta ce adilai biyu daga cikinku.

Barista Hadiza: A dokar nan ba ruwanta da addini ko jinsi. In ya samu Musulmi biyu da ba sa amfana, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Malam Sani Zariya: Ayar ma ta yi sassauci ga wanda yake cikin tafiya, ta ce ko wasu biyu daga waɗanda ba ku ba. Sai dai malamai sun yi saɓani a kan ko hukuncin yana nan, mu Malikiyya mun fi tsanantawa. Tunda Birmingham ce, Musulmi ba sa wuya, ya huta da saɓanin.

Abu Hanan: To ƙanina fa? Shi na fi yarda da shi a duniya.

Barista Hadiza: Doka ba ta hana wasiyyi ya zauna a wata ƙasa ba. Amma ka duba aikin. Shi zai tattara takardun abin da ka mallaka, ya kimanta su, ya yi hulɗa da ofishin haraji, ya nemi takardar izinin kotu da ake kira furobet, wadda in babu ita gidan da ke sunanka kaɗai ba zai sayu ba kuma banki kan riƙe ajiya mai yawa. Sannan ya biya bashi, ya fitar da kyaututtuka, ya raba ragowa, ya ajiye lissafi. In ya yi gaggawar raba kuɗi kafin ya biya masu bin bashi, ana iya bin sa daga aljihunsa. Duk wannan daga Kano, ta waya, ga neman biza? Wata da watanni ake yi ko ga wanda ke nan.

Ni da zan ba ka shawara, ka naɗa mutum biyu mazauna nan, ka kuma ambaci na ko-ta-kwana in ɗaya ya rasu ko ya ce ba zai iya ba, don ba a tilasta wa kowa. Madam za ta iya zama ɗaya. Wasiyyi yana iya cin gado, shaida ne ba ya ci, mutane suna yawan haɗa biyun. Har huɗu kotu take ba izini, amma huɗu sai ka ga takarda ɗaya ta yi sati tana yawo neman sa hannu. Kuma shekarun yaranka nawa?

Abu Hanan: Sha huɗu, tara, da biyar.

Barista Hadiza: To ba wanda za a miƙa wa kuɗi a cikinsu sai ya kai 18. Rabonsu zai zauna a hannun amintattu, galibi su ne dai wasiyyan, ƙaramar kuwa shekara sha uku ke nan in abin ya faru yau. Ka ga ba aikin wata shida kake ɗora wa mutum ba. A cikin wasiyyar ne kuma za ka ambaci wanda zai riƙe yaran in ku duka biyu ba kwa nan.

Maman Iman: Bari in ba ku namu, ko wani zai amfana. Mijin yayata, Allah ya jiƙansa, ya yi wasiyya a wurin lauya, komai tsaf. Ya rubuta a ba wani yaro da ya riƙa tun yana ƙarami kuɗin da ke wani asusunsa na ajiya, har da lambar asusun. Bayan shekara uku ya rufe asusun ya mayar da kuɗin wani banki mai ba da riba ta halal. Bai koma wurin lauya ba. Da ya rasu aka ce asusun da aka ambata babu shi, don haka kyautar babu ita, kuɗin sun bi ragowa. Ina zaune a falon lokacin da ake karantawa, yaron ya sunkuyar da kai yana ta murza hularsa, bai ce uffan ba. Yayata da manyan 'ya'yan ne suka haɗa masa daga rabonsu, shi ma ba duka ba, don ɗaya ya ƙi.

Barista Hadiza: Allah ya jiƙansa. Wannan shi ne bambancin kyautar abu takamaimai da kyautar adadin kuɗi. In ka ce wannan motar, wannan asusun, wannan agogon, to in abin ba ya cikin dukiyarka ranar rasuwa, mai shi ya tashi a tutar babu, ba a ba shi madadi. In ka ce fam 7,000 kawai, daga ko'ina za a fitar. Ita kuma tata matsalar, in dukiya ta ragu, ana cika kyaututtukan kuɗi ne kafin a zo ga ragowa, sai iyali su ne ke ɗaukar asarar. Ga Musulmi akwai ƙari: 18,000 yau ƙasa take da sulusi, in dukiyar ta dawo 40,000 ta haura. Layi ɗaya ke maganin wannan, a ce jimillar kyaututtukan kar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan bashi, in ta wuce a rage wa kowa daidai gwargwado.

Makarantar Islamiyyar ma, rubuta cikakken sunanta da unguwa da wanda zai karɓa ya ba da rasit. Islamiyyar unguwarmu, a Kano, sai ka samu uku a layi ɗaya.

Barista Kabiru Kaduna: Bari in shigo kan filin Kano. Ƙasa da gini dokar inda suke ce ke hukunci a kansu, don haka filin nan kotun shari'a a gida za ta raba shi a matsayin gado, ba sai ka wahalar da wasiyyan Ingila ba. Ka sa lauyanka ya taƙaita wasiyyar can ga dukiyar da ke can. In kana so ka yi wata a gida, a nan ne ƙaninka zai yi amfani. Amma ku kula da layin farko da kusan kowace wasiyya ke ɗauke da shi, wanda ke cewa na soke duk wasiyyoyin da na yi a baya. In ka zo hutu ka yi ta gida da wannan layin ba tare da an taƙaita shi ba, kana iya kashe ta Ingila ba ka sani ba.

Don ƙarin sani, ita wannan doka ta 1837 ta biyo Turawa har Najeriya. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, 1971, Kotun Ƙoli ta ce Musulmin da ya yi wasiyya a ƙarƙashinta yana iya raba dukiyarsa yadda ya so, ko ya saɓa wa fiƙihun Malikiyya. Daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi nasu dokokin suka cire wanda shari'ar Musulunci ke hukunci a kansa daga wannan 'yancin. A shari'ar Ajibaiye ta 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wasiyyar wani Musulmi a Kwara a kan haka.

Maman Iman: Ni dai akwai abin da ke ci min rai tun da Malam ya yi lissafi. Maman Hanan za ta samu 21,000, gidan kuma shi ne kusan duk dukiyar. Don a ba Hajiya 28,000 da kyaututtukan 12,000, ajiyar ba za ta isa ba. A sayar da gidan ke nan? Ta koma haya da yara uku a ƙasar da ba dangin iya ba na baba? Kuma na tabbata tana aiki, da kuɗinta a cikin biyan bashin gidan nan.

Abu Hanan: Tana aiki, kuma gaskiya kusan shekara shida muna haɗawa.

Malam Sani Zariya: To abin da ta zuba, in ba kyauta ta ba ka ba, haƙƙinta ne, ba ya shiga gado. Ko dai tana da kaso a gidan, ko tana bin ka bashi, kuma bashi yana gaban wasiyya da gado. Haka sauran sadaki in akwai. Ku zauna ku ƙididdige tun kuna raye ku rubuta. Amma tumuni tumuni ne Maman Iman, ba ni na yanka ba.

Maman Iman: Ban ce a canza ba Malam. Cewa na yi a gida akwai gidan gado, akwai 'yan uwa, a nan babu.

Barista Hadiza: Ku biyun kowa da gaskiyarsa, kuma dokar nan tana da bakin magana. Akwai dokar 1975 da ta ba matar mamaci, da 'ya'yansa, da wanda yake ɗaukar nauyinsa, damar zuwa kotu su ce wasiyya ba ta yi musu tanadin da ya dace ba, in mamacin Ingila ce matabbatarsa a idon doka. Wata shida ake ba su daga ranar da aka ba da furobet. Matar da aka bar wa tumuni bayan dogon aure da ƙananan yara, in ta kai ƙara, akwai yiwuwar kotu ta ƙara mata sosai. Ba sakin layin da zai toshe wannan ƙofar. Abin da ke hana ƙara shi ne a yi maganar da ita tun yanzu ta gamsu. Wasu suna mayar da gidan mallakar su biyu, kowa da kasonsa a rubuce, sai kason mijin kaɗai ya shiga gado. A kula dai, akwai wani nau'in mallakar haɗin gwiwa da in ɗaya ya rasu gidan ke zama na ɗayan kai tsaye, wasiyya ba ta taɓa shi. Wasu kuma suna rubuta cewa matar ta zauna a gidan har ƙaramin yaro ya girma kafin a raba.

Malam Sani Zariya: Wannan na ƙarshen ina da ja a kai. Jinkirta wa magaji haƙƙinsa sai da yardarsa, Hajiya kuma dattijuwa ce, shekara sha uku ba kaɗan ba ce. In ita ta yafe ko ta yarda ta jira bayan haƙƙin ya tabbata, wannan nata ne. Amma a ɗaure ta da takarda, ban gamsu ba.

Barista Hadiza: Ban musa ba. Sai dai a fitar wa Hajiya nata daga ajiya tun farko, a jinkirta na yaran da dama ba za su karɓa yanzu ba. Amma wannan ma in ajiyar ta kai.

Danladi Wusasa: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Wani abokina Musulmi a Bradford, a falon gidan surukansa aka ɗaura masa aure, ba su je rajista ba. Lissafin 322,000 ɗin ya shafi matarsa?

Barista Hadiza: Bai shafe ta ba. Auren da aka ɗaura a gida Najeriya bisa ƙa'idar can, Ingila tana karɓarsa. Wanda aka ɗaura a falo a nan ba rajista, a idon doka yawanci ba aure ba ne, in ya rasu ba wasiyya yara ne za su ɗauka, ita sai dai ta bi ta kotu. Ka ce masa ya yi wasiyya, kuma ya lura da jeri: ɗaurin aure na doka yana soke wasiyyar da aka yi kafinsa, sai in an rubuta a ciki cewa an yi ta ne da niyyar auren wance. In ya yi wasiyya yau ya je rajista wata mai zuwa ba wannan layin, ya koma farko.

Abu Hanan: Mu a Kano aka ɗaura, alhamdulillah. Na yaga ta farkon. Zan nemi lauya a satin nan, amma kafin nan sai na zauna da maman Hanan kan lissafin gidan, sannan in kira Hajiya, wadda ban san ta inda zan fara mata maganar ba tare da ta fashe da kuka ba. Malam, in ta ce ta yafe nata tun yanzu, ya inganta?

Malam Sani Zariya: Kar ka gina a kan wannan. Haƙƙin bai zama nata ba tukuna balle ta yafe, kuma ba wanda ya san wa zai riga wani. Rubuta mata sudusinta. Sauran bayanin zan kira ka bayan isha'i, akwai tafsili.

Baban Ummi: Barista, to ni mai shago a Kwari da gidan haya a Leicester, ta ina zan fara?

Barista Hadiza: Buɗe sabon zare Baban Ummi, wannan ya yi tsawo. Ka zo da amsar tambaya ɗaya: shagon sunanka ne ko sunan ƙaninka?